Yaya ake raba manhajar kwas mako-mako? Maudu'i 12, mako 15

Malama Rabi:
Assalamu alaikum 'yan uwa malamai. Dan Allah taimako nake nema. An ba ni kwas ɗina na farko da zan riƙe ni kaɗai, ƙagaggun labarai na Hausa, aji biyu, yunit 2, ɗalibai wajen 140. Abin da aka miƙo min shafi ɗaya ne, maudu'i 12 a jere, jerin littattafai a ƙasa, sai aka rubuta aikin gida maki 10, tes maki 10, gabatarwar rukuni maki 10, jarabawa 70. Shi ke nan fa. Shugaban sashe ya ce kafin Juma'a kowa ya kawo jadawalin mako-mako, mai ɗauke da abin da za a karanta da aikin da za a yi da ranar karɓa. Lakca za ta fara Litinin 3 ga Maris 2025, ni kuma duk Litinin nake da su 10 zuwa 12, jarabawa 16 ga Yuni. Na buɗe tebur tun jiya na rubuta mako na 1 zuwa na 15 na zauna ina kallonsa. Ta ina ake farawa?

Malam Isuhu:
Wa alaikumus salam. Malama ai wannan ba wani abu ba ne, mu a sakandare duk zango shi muke yi. Maudu'i 12 mako 15, kowane mako ki saka ɗaya, saura uku ki ba tes ɗaya, bita ɗaya, ɗaya kuma na gabatarwa. Minti goma kin gama.

Dakta Garba:
Malam Isuhu da haka ne da kowa ya huta. Malama Rabi kar ki fara da maudu'i tukuna, ɗauko kalanda. Mako 15 ɗin nan na takarda ne, shi ne dai abin da hukumar jami'o'i ta NUC take lissafin yunit da shi, awa ɗaya a mako har mako 15, to amma ke ba makonni kike koyarwa ba, Litinin kike koyarwa. Rubuta Litinin ɗin ɗaya bayan ɗaya mu gani: 3, 10, 17, 24, 31 ga Maris, sai 7, 14, 21, 28 ga Afrilu, sai 5, 12, 19, 26 ga Mayu, sai 2 da 9 ga Yuni. To yanzu soke. Azumi zai kama 1 ko 2 ga Maris, ke nan ƙaramar Sallah 30 ko 31, ko wanne aka ga wata Litinin 31 ta tafi. 21 ga Afrilu Litinin ɗin Ista ce, ta tafi. Babbar Sallah 6 ko 7 ga Yuni, kar ki ɗora komai a kan Litinin 9 don da wuya ba ta faɗa cikin hutu ba, ko ba ta faɗa ba ɗaliban suna gida suna suyar nama. Saura 12. 3 ga Maris kuma kin san yadda ake yi, rabin aji suna layin rijista wasu ba su ma baro gida ba, in kin samu mutum 30 ki gode Allah. Saura 11. Bita ɗaya, 10. Tes zai ci rabin zama. Sannan dole ki bar Litinin ɗaya ba komai a cikinta saboda abin da ba ki sani ba. Ki lissafa da kanki nawa ya rage.

Malama Rabi:
Innalillahi, takwas da rabi ke nan Dakta. Maudu'i 12 a zama takwas da rabi??

Malam Isuhu:
To na yarda ban duba kalanda ba. Amma dai a raba daidai, maudu'i ɗaya da rabi duk zama.

Dakta Garba:
Nan ma a'a. Maudu'an ba nauyinsu ɗaya ba. Malama turo mana su mu gani.

Malama Rabi:
Ga su yadda aka rubuta: 1 ma'anar zube da rabe-rabensa, 2 tatsuniya da labaran baka a matsayin tushe, 3 zuwan boko da hukumar fassara, 4 gasar 1933, 5 Ruwan Bagaja, 6 Shaihu Umar, 7 Magana Jari Ce, 8 hukumomi da kamfanonin ɗab'i bayan gasar, 9 So Aljannar Duniya da littattafan 1980, 10 adabin kasuwar Kano, 11 jigo da salo da zubi da tsari, 12 marubutan intanet.

Maman Amira:
Masha Allah abin da nake nema ke nan. Ni ma 'yata za ta rubuta jarabawar fita sakandare bana, kullum tana kan waya, dan Allah wanda ya iya ya tsara mata na karatun dare, lissafi ne matsalarta da kimiyya

Bala Kwamfuta:
Maman Amira wannan na malamin da zai koyar ne ba na ɗalibi ba 😄 ki buɗe wata maganar daban za mu duba na Amira in sha Allahu.

Maman Amira:
Au to ku yi haƙuri, na ga an ce jadawali ne

Dakta Garba:
Yauwa na ga jerin. Abu biyu zan faɗa. Na farko, akwai waɗanda bayani ne kawai za ki yi, akwai waɗanda sai ɗalibi ya karanta littafi tukuna zaman zai yi ma'ana. Na 1 da na 2 zama ɗaya ya ishe su. Na 3 da na 4 labari ɗaya ne ma, daga hukumar da ke Zariya ƙarƙashin Rupert East gasar ta fito, in kin raba su mako biyu maimaici za ki yi ta yi. Na 10 da na 12 su ma su zauna tare. Na 8 awa ɗaya ya ishe shi, ki saka shi bayan tes a rana ɗaya. Amma littattafan nan huɗu kowanne ki ba shi Litinin ɗinsa cikakkiya, kar ki kuskura ki haɗa biyu, don ranar da kika ce Ruwan Bagaja da Shaihu Umar a awa biyu to taƙaita labari kawai za ki yi musu kamar mai ba da tatsuniya, ba nazari.

Na biyu kuma shi ne wanda sababbin malamai suke faɗawa, na 11 ɗin nan. Wanda ya rubuta manhajar ya ajiye jigo da salo a kusan ƙarshe, wataƙila don haka ya gada a wajen nasa malamin. To da me yaro zai yi nazarin littafi a mako na 6 in sai mako na 13 za a gaya masa mene ne jigo? Aikin gidan da za ki ba su ma ai a kan jigo ne ko salo. Ɗauko shi ki kawo mako na 3. Manhaja abin da za a koyar ta faɗa, ba ta ɗaure ki da jerin ba.

Malama Rabi:
Ranka ya daɗe ba za a ce na canza manhaja ba? Ni fa sabuwa ce, bana son abin da zai sa a kira ni ofis.

Dakta Garba:
Ba ki cire ba, ba ki ƙara ba. Ki sa ɗan ƙaramin gurbi a teburin ki rubuta lambar maudu'in kamar yadda take a manhaja, mako na 2 ki sa 1 da 2, mako na 3 ki sa 11, haka. Duk wanda ya duba zai ga lambobi 12 sun cika. Ke ma ta nan za ki kama kanki in wani ya sulale.

Nura tsohon kilas raf:
Malamai a ba mu dama mu da muka sha wuyar abin. Shekara uku ina riƙe da aji. Abin da ya fi ba mu haushi a irin wannan takarda shi ne gurbin karatu, sai ka ga an rubuta sunan littafi kawai. Magana Jari Ce littafi uku ne fa, malam ya rubuta shi a mako ɗaya ba tare da ya ce wanne ba balle wane labari, to wallahi ba wanda zai buɗe, kowa zai ce ai ba zan gama ba sai ya bari gaba ɗaya. Amma in aka ce littafi na ɗaya, labari kaza da kaza da kaza, za ka ga ko a keke napep mutum yana karantawa. Kuma kar a rubuta lambar shafi, bugun ba ɗaya ba ne, wani tsohon na babansa ya ɗauko wani fotokwafi ya yi wani a waya yake karantawa, shafi na 40 ɗinka ba shi ne nawa ba. Sunan labarin ko babi.

Sai kuma a faɗa mana karatun na kafin lakcar ne ko na bayanta. Akwai wani kwas da muka yi rabin simesta muna karanta abin da ke layin mako bayan an gama lakcar makon, ashe shi malamin nufinsa mu zo da shi a kai, kullum yana faɗa wai ba ma karatu mu kuma muna ganin zalunci ne.

Malama Rabi:
Nura Allah ya saka, wannan na biyun ban taɓa kawo shi a raina ba. Zan sa wa gurbin suna "a karanta kafin a shigo".

Baba Tanko:
Ni dai shekara talatin da wani abu ina wannan aiki, ban taɓa ganin jadawali mai kwanan wata da ya kai ƙarshen zango da ransa ba. A 2022 mun tsara komai tsaf, 14 ga Fabrairu aka tafi yajin aiki ba a dawo ba sai Oktoba, wata takwas. Ina kwanan watan? 'Yata ki rubuta mako na 1 mako na 2 kawai ki bar kalanda ga masu ita. Ranar da kika rubuta 14 ga Afrilu a takarda kika raba, kin ba yara makami, gobe in abu ya goce su ce ai malama ce ta rubuta.

Nura tsohon kilas raf:
Baba da girmamawa, mako na 7 ɗin nan shi ne rigimar da na fi rabawa. Wasu suna ƙirgawa daga ranar da makaranta ta buɗe, wasu daga ranar da malam ya fara shigowa, wasu kuma ba sa lissafa makon hutu. Sai ranar karɓar aiki mutum 40 su ce su a lissafinsu mako mai zuwa ne, kuma in ka duba ba ƙarya suke ba.

Baba Tanko:
Ai shi ya sa ake sanarwa a aji. Wanda bai zo aji ba shi ya jiyo.

Dakta Garba:
Baba ni ina sa duka biyun, lambar mako da kwanan wata, sai in rubuta a ƙasa cewa in makaranta ta canza kalanda zan fitar da sabo mai ɗauke da ranar da aka gyara. Ba don komai ba sai don ba a ganin hutun Ista a cikin "mako na 8", sai an rubuta 21 ga Afrilu yake fitowa.

Baba Tanko:
Za ka yi ta fitar da sabo har ka gaji. Allah ya ba da sa'a.

Bala Kwamfuta:
To ai nan ne aikina ya zo. Baba gajiyar tana zuwa ne in da hannu aka rubuta ranakun. Malama a Excel ko Google Sheets za ki yi, ba Word ba. Gurbin A lambar mako, gurbin B kwanan wata. Ranar farko kawai za ki rubuta a B2, sai a B3 ki sa wannan ki ja shi ƙasa har B16

```
=B2+7
```

in aka ɗaga buɗe makaranta B2 kaɗai za ki taɓa sauran su bi. Sai a C2 ki sa wannan shi ma ki ja, zai nuna miki sunan ranar

```
=TEXT(B2,"dddd")
```

dole duk layin ya nuna Monday. Dalilin da ya sa nake nacewa a kai, yawancin kwamfutocinmu a tsarin Amurka suke, wata kafin rana. 3/3 ba matsala ko ta ina aka karanta, amma ranar da kika rubuta 7/4/2025 da hannu kina nufin 7 ga Afrilu ita za ta ɗauka 4 ga Yuli, sai ki ga Friday ta fito, nan za ki gane an samu matsala. Ranakun hutu kuma ki jera su gefe, J2 zuwa J8, sai a D2

```
=IF(COUNTIF($J$2:$J$8,B2)>0,"HUTU","")
```

duk Litinin da ta faɗa kan hutu zai rubuta da kansa. In kin gama ki mayar da shi PDF kafin ki tura wa ɗalibai, kuma gurbi shida ya isa, in ya wuce haka a waya sai sun yi ta jan allo hagu da dama.

Malama Rabi:
Malam Bala na yi, ya yi aiki, amma D ɗin bai nuna hutu a 21 ga Afrilu ba alhali na rubuta a J.

Bala Kwamfuta:
Duba ta wane gefe ya jingina a cikin akwatin. In ya jingina hagu to a matsayin rubutu ta ɗauke shi ba kwanan wata ba, don a tsarin Amurka babu wata na 21. Goge ki rubuta haka

```
=DATE(2025,4,21)
```

Malama Rabi:
Ya fito! Na gode. To ga abin da na haɗa, ku duba min ba sani ba sabo.

| Mako | Litinin | Darasi | A karanta kafin a shigo | Aiki da wa'adi |
|---|---|---|---|---|
| 1 | 3 Maris | Gabatar da kwas | babu | raba jadawali |
| 2 | 10 Maris | Ma'anar zube, tushensa (1, 2) | takardar malama ta 1 | kafa rukunoni |
| 3 | 17 Maris | Jigo, salo, zubi da tsari (11) | takardar malama ta 2 | ba da aikin gida |
| 4 | 24 Maris | Zuwan boko, gasar 1933 (3, 4) | takardar malama ta 3 | |
| 5 | 31 Maris | HUTU | Ruwan Bagaja duka | |
| 6 | 7 Afrilu | Ruwan Bagaja (5) | an gama shi | |
| 7 | 14 Afrilu | Shaihu Umar (6) | duka | |
| 8 | 21 Afrilu | HUTU | Magana Jari Ce 1, labarai uku | |
| 9 | 28 Afrilu | Magana Jari Ce (7) | labaran uku | karɓar aikin gida |
| 10 | 5 Mayu | Tes, sai kamfanonin ɗab'i (8) | bitar mako 2 zuwa 9 | tes awa 1 |
| 11 | 12 Mayu | So Aljannar Duniya (9) | duka | mayar da aikin gida |
| 12 | 19 Mayu | Kasuwar Kano, intanet (10, 12) | takardar malama ta 4 | |
| 13 | 26 Mayu | Gabatarwar rukuni | | rukuni 14 |
| 14 | 2 Yuni | Bita | | kafe makin si'e |
| 15 | 9 Yuni | HUTU | | |

Malam Isuhu:
Gaskiya ya yi kyau. Dabarar ɗora karatu a makon hutu ta burge ni, zan ara.

Nura tsohon kilas raf:
Makon Sallah ba wanda zai karanta komai malama, gaskiya ɗaya ce 😂 amma tunda Ruwan Bagaja ɗan siriri ne za su cinye shi daren Lahadi a mota suna dawowa. Da wani mai kauri ne da na ce a canza.

Dakta Garba:
Ƙashin bayan ya yi. Amma akwai wuri biyu da za ki yi kuka. Fara da aikin gida. Shafi nawa kika ce su rubuta?

Malama Rabi:
Uku, a kan jigon Ruwan Bagaja.

Dakta Garba:
To 140 sau minti 10 kowanne, in har karantawa za ki yi ba duba kyan rubutu ba, minti 1,400 ke nan, awa 23 da 'yan kai. In kina ba shi awa biyu kullum kwana 12. Kin karɓa 28 ga Afrilu, kina tsakiyarsa 5 ga Mayu wasu takardu 140 na tes su sauko a kanki, kuma kin yi alkawari a rubuce za ki mayar 12 ga Mayu. Ba zai yiwu ba, ƙarshenta sai daren kafe maki ki zauna kina raba bakwai bakwai. Sannan su ɗaliban za su shiga tes ba su ga kuskurensu na aikin gida ba, to mene ne amfanin aikin? Wa'adi ba daga ranar da kike son karɓa ake lissafa shi ba, daga ranar da kike son mayarwa ake komawa baya. Kina so ya koma hannunsu kafin tes, wato 28 ga Afrilu. Cire mako biyu na maki, 14 ga Afrilu ke nan ranar karɓa. Kin ba su tun 17 ga Maris, an yi littafin a aji 7 ga Afrilu, suna da mako guda bayan nan su gyara. Ke kuma hutun Ista ya faɗo daidai lokacin da kike maki, ba lakca a kanki. Takardun tes su biyo baya su kaɗai, kina da har 2 ga Yuni.

Malama Rabi:
Kai, wallahi ni ɗaliban kawai nake ta lissafawa ban lissafa kaina ba. Na mayar 14.

Nura tsohon kilas raf:
A ƙara da lokaci da wuri malama. "14 ga Afrilu" kawai, wani ƙarfe 9 na dare zai kira kilas raf yana haki wai ai ranar ba ta ƙare ba. A rubuta a aji, kafin a fara lakca, hannu da hannu, a sa hannu a takarda. Da abin da zai faru da wanda ya makara, ko rage maki ne ko ba a karɓa, a rubuta tun yanzu. Kuma 14 ɗin nan kin haɗa musu gama Shaihu Umar da miƙa aiki rana ɗaya fa, aikin za su yi su bar littafin.

Malama Rabi:
Hmm. To in na sa karɓa Alhamis 17 a ofis?

Dakta Garba:
Jajiberin hutu ne, 18 Juma'ar Ista, wasu sun kama hanya tun Laraba. Ni da zan bar shi 14 in rubuta a layin mako na 4 cewa a fara Shaihu Umar tun lokacin, shi ma ba dogo ba ne. Amma maganar Nura gaskiya ce, za ki samu waɗanda ba su karanta ba. Wuri na biyu, mako na 13. Ina Litinin ɗin da na ce ki bari fili? Kin cusa mata gabatarwa. Rukuni 14 sau minti 15 minti 210, awa uku da rabi, ke kuma awa biyu gare ki, ban ma sa lokacin da za su ɓata wajen fitowa da neman wanda ya riƙe takardar ba.

Iliyasu Damagaram:
Salamu alaikum, ina biye da ku daga Zinder. Mu nan tsarin LMD muke, awowi ake ƙirgawa ba makonni ba, a ce darasi kaza awa kaza ne, wani kaso na babban aji wani kaso na ƙananan rukuni inda ake aikin. Irin wannan gabatarwar can take tafiya, ba ta cin lokacin babban aji. Ku ba ku da irin wannan awar? Don mu wani lokacin malami ma daga wata jami'a yake zuwa ya tattara awowinsa duka cikin sati biyu ya koma, jadawalin kwana-kwana muke yi masa.

Malama Rabi:
Malam Iliyasu a takarda akwai irinta a wasu kwasa-kwasan, amma nawa awa biyun nan ce kawai, ɗakin ma da ƙyar aka samu.

Malam Isuhu:
To a kira su ranar Asabar mana a yi ta gaba ɗaya.

Nura tsohon kilas raf:
Asabar ɗin ƙarshen simesta kowane malami ita yake hari Malam, akwai ranar da aka sa mana uku lokaci guda. Ga masu zuwa daga cikin gari kuɗin mota.

Dakta Garba:
Abin da nake yi, ina yayyafa su. Rukuni biyu a farkon kowane zama, minti 10 kowanne, a kan littafin ranar, sai ya zama ko ba kowa ya karanta ba akwai mutum ashirin da dole sun karanta. Amma ke zaman da suka dace biyar ne, mako na 6, 7, 9, 11, 12. Rukuni goma ke nan, mutum 14 kowanne.

Nura tsohon kilas raf:
Rukunin mutum 14 mutum biyu ne ke aiki sauran su tura kuɗin fotokwafi. Na goma ma haka ne balle. Kuma 'yan mako na 6 an cuce su, daga dawowa Sallah sai fitowa gaban aji, 'yan mako na 12 suna da wata biyu.

Baba Tanko:
Ki soke gabatarwar ki yi tes biyu ki huta. Mutum 140 ba ajin gabatarwa ba ne.

Malama Rabi:
Baba tes biyu wasu takardu 140 ke nan, Dakta ya riga ya tsorata ni da lissafi 😅 kuma rabon makin a manhaja yake, ban sani ba ko ina da ikon taɓawa.

Dakta Garba:
Jeri naki ne, rabon maki ba naki ba ne, wannan sai kin tambayi shugaban sashe. Ki tambaye shi kuma ko sashe yana da makon tes na bai ɗaya, don in akwai to 5 ga Mayun nan ba ke za ki zaɓa ba, kuma in ta matsa ranar mayar da aiki ma sai ta matsa. Ni dai ban yarda da Baba a kan sokewa ba, yaran nan wasu malanta za su yi, gara su fara tsayuwa gaban mutane tun yanzu.

Baba Tanko:
Mutum ɗaya ne zai tsaya, sha uku suna bayansa suna gyaɗa kai.

Malama Rabi:
To na nuna wa shugaban sashe jadawalin da rukuni goma a yayyafe, mako na 13 na bar shi fili na rubuta "cike giɓi". Ya ce maganar gabatarwa in bari sai an yi taron sashe, babu makon tes na bai ɗaya. Amma ga wata sabuwa, mai tsara ɗakuna ya ce Litinin 10 zuwa 12 ta yi karo da wani kwas na dole da 'yan aji biyu suke ɗauka, wataƙila a mayar da ni Alhamis.

Bala Kwamfuta:
B2 kawai, ki sa 6 ga Maris. Ki tabbata 1 ga Mayu da 12 ga Yuni suna cikin J, duka biyun hutu ne kuma Alhamis ne a 2025.

Dakta Garba:
Ranakun za su gyaru da kansu amma darussan ba za su tashi daga layinsu ba, sai kin bi da hannu. Kin samu makon Ista ya dawo, kin rasa 1 ga Mayu, wato mako na 9 inda kika sa Magana Jari Ce da mayar da aiki, sai su dawo 24 ga Afrilu, ke nan kwanakin makinki sun ragu in ba ki ja ranar karɓa baya ba. 3 ga Afrilu a takarda ba hutu ba ce amma kwana uku ko huɗu bayan Sallah ban san wa za ki tarar ba. Bitarki kuma ta faɗa 5 ga Yuni, in Sallah ta kama Juma'a ranar Arfa ke nan, ki dawo da ita 29 ga Mayu.

Malama Rabi:
To cike giɓin fa, nan ne mazauninsa.

Dakta Garba:
Shi ne zai koma 3 ga Afrilu ko ki rasa shi. Ki bari su tabbatar da ranar tukuna kar ki yi aiki biyu.

Malama Rabi:
Juma'ar ce wa'adin kai wa ofis ai Dakta. Bari in yi kwafin shafin in yi na Alhamis a gefe, duk wanda suka tsayar in buga shi. Malam Bala in na kwafa, jerin hutun na J zai biyo ko sai na sake rubutawa?

Bala Kwamfuta:
Zai biyo, danna sunan shafin a ƙasa ki zaɓi Duplicate in a Google Sheets kike. Ina masallaci yanzu, in ya ƙi ki turo hoton allon bayan isha'i.